Haɓon Badaru a Gindin Ɗorawa

Shekara biyu Badaru yana rigima da wansa Uwaisu kan ɗorawar da ke kan iyakar gonakinsu, a wani ƙauye gabas da Ɗambatta. Na ce rigima, amma gaskiya Badaru kaɗai ke yin ta. Da Uwaisu ya ce "Ka ga ɗorawar nan..." sai ƙanen ya hau shi da faɗa. Har rantsuwa ya yi ba zai ƙara sunkuyar da kai gaban wansa ba.

Da bazara, ɗorawa ta nuna, dagaci ya kira su gindinta. Rana ta take, iska ta bushe ƙayau. Badaru ya shaƙi garin taba har sau uku don ya wasa baki, ya yi wata atishawa mai ƙarfi. Sai ga jini ta hanci.

Maza ya ɗaga kai sama. Jinin ya bi maƙogwaro, ya ƙware, ya hau tari da kakarin amai, amma bai fasa cewa "Ɗorawata!" ba.

Gwaggonsu Tani, wadda ta zo da furarta ko za ta samu 'yan kuɗi a taron, ta ture ƙwarya gefe.

"Zauna, ja'iri! Ciki za ka tara shi? Karkato gaba."

"Gwaggo, na rantse ba zan..."

Ta danna masa ƙeya. Ta kama yatsunsa biyu ta matse masa hanci da su, ƙasa da ƙashi, wurin da ke da taushi.

"Yi numfashi ta baki. Wanda ya zo baki ka tofar. In ka saki kafin in gama dama furar nan, sabo za mu faro. Haɓo ne. Yara, ƙwaƙular hanci ke jawo musu, ko faɗuwa. Kai kuwa gemai-gemai, ka cusa taba a hancin da zafi ya busar!"

Ta hau damu a hankali, da gangan.

Uwaisu ya dubi ƙanensa, kai a sunkuye, baki a buɗe, babu magana. Bai taɓa samun dama irin wannan ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa dagaci, "ɗorawar nan tasa ce. Baba ya ce in ba shi ita, don 'ya'yansa sun fi nawa yawa. Shekara biyu ke nan ina son in faɗa masa."

Jama'a suka bushe da dariya, har dagaci yana riƙe rawani.

Gwaggo ta gama damu, ta cire yatsun Badaru ta leƙa. Jini ya tsaya.

"To, ɗago. Kar ka fyace yau."

Badaru bai ɗago ba. Kunya ta kama shi, ga kewar mahaifinsu ta taso masa. Abin da ke ɗiga a ƙasa yanzu ba ja ba ne.

"Yaya," ya ce da ƙyar, "ƙarasa maganarka."