Wanda Ke Bayan Kujera

Ana saura mako guda a yi sadakar shekara ta Malam Rahmatullo, matarsa ta sauko da hoton da ke bango ta miƙa wa autarta Nazokat, malamar makaranta a garin Isfara, wadda ta saba rubuta waƙa.

"Ki yi wa babanki waƙa a kan wannan. Ke za ki karanta wa mata ranar."

A bikin sabuwar shekara na Nauruz na ƙarshe da Malam ya gani aka ɗauki hoton. Yana zaune a kujera da hularsa da alkyabbarsa, iyalinsa sun kewaye shi, bishiya ta yi fure a kansu.

Nazokat ta zaɓi gazal, irin waƙar da ɗango biyun farko da ƙarshen kowane baiti suke sauka a kan amshi ɗaya, da amsa-amo daf da shi. Ta yaba hular, ta yaba furen, ta jera 'ya'ya. Sannan ta hau rufin ɗaki inda yayarta Gulchehra ke shanya 'ya'yan itace, ta karanta mata.

"To, madalla," in ji Gulchehra. "Amma ai mu ma muna da ido. Duk wannan hoton ya riga ki faɗa."

"Yaya, ke dai ba a burge ki."

"Faɗa mana abin da bai ɗauka ba mana."

Nazokat ta ji haushi, amma ta san gaskiya ce. Ta koma ta zauna tana tuno ranar. Hoton bai ɗauki warin magani ba. Bai ɗauki cacar bakin da yayyenta maza suka yi da safe kan wanda zai kai Baba asibiti ba. Bai kuma ɗauki Safarali, mijin Gulchehra ba. Lokacin rabin jikin Baba ya shanye, ba ya iya zama shi kaɗai, ya kuma rantse ba za a ɗauke shi hoto a kwance ba. Safarali ne ya durƙusa bayan kujerar ya riƙe shi ta ɗamara, aka baza alkyabba ta rufe shi. Har yau akwai dangin da ke cewa surukin ya ƙi shiga hoto.

Ta yi wa kowanne baiti. Na cacar bakin ya fi daɗin kunne, amma ta soke shi da kanta: yayyen sun shirya tuni, kuma ba za ta tone su a gaban baƙi don baiti ya yi kyau ba. Na ciwon ta karanta wa mahaifiyarta. Tsohuwar ta girgiza kai.

"Mutumin da ya cije baki ya zauna don kada a gan shi haka, ke za ki kwantar da shi a bainar jama'a?"

Shi ma ta cire. Saura na Safarali. Ta same shi yana faskare.

"Ni? A waƙa? Auta, rufa mini asiri. Me za ki ce, ga wani ƙato ya yi tsugunon kwaɗo?"

"Yaya Safarali, ana zaginka a banza."

"A yi ta yi. In kin ambace ni, kin fallasa Baba."

Nan ma gaskiya ce. Dama sunan nasa ya ƙi zama a ma'aunin waƙar. Duk inda ta sa shi, in ta ƙirga gaɓoɓin da yatsu sai ɗangon ya yi tsawo. Ta cire sunan, ta bar aikin. Daga nan amshin ya zo mata, ta sake waƙar tun daga tushe.

Ranar sadaka maza na tsakar gida, Safarali na kan tukunyar shinkafa da karas. A ɗakin mata Nazokat ta miƙe ta fara karantawa:

"Mun yi murmushi, mun bar damuwa a baya,
Ya zauna daram, akwai mai riƙewa a baya."

Ta bi baitocin har na ƙarshe, inda mai waƙa ke kiran sunan kansa:

"Nazokat, ke ma da kike tsaye kina taƙama,
Waiga ki gode, wani na tallafawa a baya."

Baƙi suka ce, "Allah ke nan, Shi ke riƙe da bawa." Ba wanda ya musa musu. Gulchehra ta sunkuyar da kai tana share ido da gefen mayafi.

Da aka fara rabon abinci, tsohuwar ta tashi da sandarta, ta tsallaka tsakar gida har bakin murhu. Ta karɓe ludayin daga hannun Safarali ta miƙa wa babban ɗanta.

"Kai ka raba." Ta juya ga Safarali. "Ɗana, zo ka zauna kusa da ni ka ci, tun asuba kake tsaye."

Safarali ya goge hannu a riga, ya bi ta yana sosa ƙeya.