Sabulun da ba ya kumfa

Wata uku ke nan Zinariya tana aikin gwaji a wani ƙaramin biro, wato ofishin talla, da ke unguwar Plateau a babban birnin Nijar. Ranar Juma'a shugabar biron, Madam Aïchatou, ta ajiye mata ledar garin sabulu a kan tebur.

"Sabo ne, sunansa Raɓa. Mai kamfanin, Alhaji Buba, yana son taken talla goma, kowanne da ƙofar da zai shiga zuciyar mai saye. In ya ɗauki ɗaya ranar Litinin, kujerar nan taki ce. In bai ɗauka ba, ƙanwata, sai ki koma gida ki gaida mutanen Zinder."

Zinariya mutum ce mai yawan tafiya a zaune. Tana kallon taga sai ta ga kogin Isa, wanda ya ratsa birnin, ya zama farar kumfa, kwale-kwale suna ratsa ta a hankali. Daga nan ne taken farko ya zo: "Raɓa: kumfa har gwiwar hannu." Sauran suka biyo baya kamar tantabaru masu sauka kan hatsi. Ga mai lissafin aljihu ta rubuta, "Ƙaramar leda, babban wanki." Ga mai gudun kunya, "Kada wuyan riga ya tona ka a taro." Ta tuno mahaifiyarta, ta ce, "Bar yaro ya yi wasa, saura na Raɓa ne." Ta yi na ƙamshi mai raka mutum har la'asar, da na hannun da ba ya tsagewa. Ta yi na kishin gida, "A Nijar aka yi ta, ta san ƙasar Nijar," da na 'yan gayu, "Ba kowane sabulu ke taɓa shadda ba." Na tara zuga ce, "Maƙwabciyarki ta riga ki." Na goma gayyata, "Gwada sau ɗaya, ki yanke hukunci."

Na goman ne ya tsaya mata a rai, don ita kanta ba ta gwada ba. Ko takardar bayanin da ta zo da ledar ba ta buɗe ba.

Ranar Asabar da hantsi, a gidan da take haya a unguwar Bobiel, ta fito da kayanta tsakar gida. Pampo bai kawo ruwa ba, bido biyu kawai, wato jarka, mai garuwa ya sauke mata. Ta zuba garin a baho, ta kaɗa. 'Yar kumfa ta taso, ta kwanta. Ta ƙara, ta sake kaɗawa. Haka dai.

Inna Halimatou, mai gidan, tana kan tabarma tana tsinke zogale. "Ke 'yar Damagaram, wannan sabulu ne ko garin rogo? An cuce ki."

Kogin kumfar Zinariya ya ƙafe a gabanta. Ta dai cuɗa farar rigarta, ta matse, ta tsoma a ruwan ɗauraya. Ruwan ya ɗan gurɓace, shi ke nan. Ta shafa rigar, babu santsi. Ta shanya ta, rana ta shige ta har tana ɗaukar ido.

Inna ta taso, ta murza wuyan rigar, ta shinshina, sannan ta leƙa bido na biyu, wanda ko murfinsa ba a buɗe ba.

"Har kin gama? Ni sai na ɗauraye sau uku kumfa ke barina. Ɗauraya ɗaya ta isa ke nan?"

Zinariya ta shiga ɗaki da jiƙaƙƙen hannu ta buɗe takardar. Ga shi a layi na huɗu: an haɗa shi da ƙarancin kumfa don ya fita da ruwa kaɗan. Ta ja layi a kan take na farko, wanda ta fi so, ta rubuta maganar Inna a gurbinsa.

Ranar Litinin Alhaji Buba ya saurari goman yana jan carbi. Ya yi murmushi a na shadda, ya yi dariya a na maƙwabciya. Da aka gama ya ce, "'Yata, ina kumfa? Duk wanda ya yi mini talla, da kumfa yake farawa."

"Ranka ya daɗe, sabulunka ba ya kumfa. In muka yi alkawarinta, mace za ta saya sau ɗaya ta ce jabu ne. Gara mu gaya mata abin da za ta gani da idonta: bido ɗaya ko taɓa shi ba a yi ba."

Alhaji ya daina jan carbin. Ya ɗora yatsa a kan layin farko. "Ɗauraya ɗaya ta isa," ya karanta a hankali. "Wannan za a buga. A sa hoton bido, cike da ruwa."

Madam Aïchatou ta raka shi ƙofa, ta dawo ta miƙa wa Zinariya makullin biro. Ita kuwa idonta ya riga ya koma taga. Kogin yana tafiya abinsa, ruwa ne kawai, ba kumfa.