Katin da Aka Yanka Daga Kwalin Baba

Zakiyya ta tsani littafin nan na ilimin magunguna, kuma da gaskiyarta. Marubucinsa sai ya cinye shafi biyu a kan maganar da layi uku za su ɗauke. Ga jarrabawa saura kwana tara a makarantar koyon aikin lafiya da take yi a Tambuwal, ga zafi, ga fanka ta mutu. Ta zauna, ta tashi, ta koma bakin taga.

Dabararta ita ce kati. Takan yanka tsofaffin kwalayen magani, a farin gefensu na ciki ta rubuta sunan magani, sai abu uku: danginsa, yadda yake aiki, da illarsa. A zangon da ya wuce katunan ƙawarta Nasiha ta ara, ta haddace Turancin tsaf ta ci jarrabawa, ba tare da ta san me take faɗa ba. Bana malaminsu ya ce kowa ya rubuta nasa, da kalmomin da zai iya gaya wa kakarsa.

Ran Alhamis bayan azahar ta iso kan glibenclamide, maganin ciwon suga. Dangi: sulfonylurea. Wannan ba wuya. Aikinsa ne ya ba ta ciwon kai. Ta karanta sakin layin sau huɗu, ta soke abin da ta rubuta, sannan ta samo shi: yana toshe ƙofar sinadarin potassium a ƙwayoyin pancreas, wata gaɓa a cikin ciki, sai su saki insulin mai rage suga, sugan jini ya sauka, ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. Illa: suga ya faɗi ƙasa sosai, musamman ga tsofaffi. Gumi, rawar jiki, ruɗewa, suma.

Ta juya kwalin don ta daidaita gefensa da almakashi, sai ta ga sunan glibenclamide ɗin a buge, ga kuma rubutun ajami na mahaifinta: safe. Cikin kwalayen da ta kwaso daga gidansu a Kebbe ne.

Mahaifinta, Malam Ɗalhatu, limamin unguwarsu ne, ba ya barin azumin Litinin da Alhamis, sahur ɗinsa kuwa kurɓin fura ne. Wata biyu ke nan ana cewa yana rikita raka'o'in la'asar, har dattawa sun fara raɗe-raɗin tsufa ya taɓa masa hankali, a ba wani limancin. Ita ma da ta ji, kuka kawai ta yi.

Ta kira mahaifiyarta.

"Inna, Baba ya sha maganin suga yau?"

"Ya sha da sahur. Ga ya nan kwance, zuhwa kamar an watsa mai ruwa."

"Ki dama suga ki ba shi yanzu-yanzu!"

Can Inna ta dawo kan waya. "Ya ƙiya. Ya ce ba shi karya azumi don kasala."

Ko takalmin kirki ba ta tsaya nema ba. Ta tari ɗan kabu-kabu, hanyar Kebbe kuwa ramuka ne aka jera. Duk inda waya ta kama sai ta kira, amsar ɗaya ce. Haushin taurin kan tsohon ya cika ta, haushin kanta ya fi. Wannan illar ta haddace ta da Turanci tun bara, har maki ta ci da ita.

Ana kiran la'asar ta shiga gida. Ta same shi jingine da bango, rigarsa sharkaf, yana lalubar buta hannu na karkarwa. Ta durƙusa.

"Baba, ba kasala ba ce. Maganin ne."

"Ke dai yarinya..."

"Ku saurara, don Allah." Ta karanta masa katin a hankali, ta maimaita wurin nan, ko an ci ko ba a ci ba. "Ku kunka koya muna jiki amana ne. In kunka suma, sai asibiti, in an kai."

Ya daɗe yana kallon katin, ya juya shi, ya ga rubutunsa. Sannan ya miƙa wa Inna hannu, ya shanye kofin ruwan sugan.

Ba a yi rubu'in awa ba rawar ta lafa. Zakiyya ta sa aka kawo tuwo, tana ta bayanin cewa maganin yana daɗewa a jiki, dole yau ɗin nan su je asibiti a auna shi, likita ya duba ko za a sauya masa wani. Shi kuwa yana ta lissafi da yatsu.

"Litinin," in ji shi. "Alhamis. Litinin. Duk ranakkun da nir rikice..."

"Duk na azumi ne, Baba."

Tsohon da ba ta taɓa ganin hawayensa ba ya rufe fuska da hannun riga.

"Na riga na shirya in aje limancin gobe bayan Juma'a," ya ce. "Ashe hankalina na nan."