Kati Ashirin a Garejin Guduma

Makarantar koyon tuƙi ta Darakta tana da mota ɗaya, malami ɗaya, ɗalibai uku. Ranar Litinin malamin ya sanar da shi cewa idan ɗalibai ba su kai goma ba kafin ƙarshen wata, zai koma wata makarantar. Darakta kuwa bai iya tuƙi ba.

Washegari ya sa kwat ya tsallaka titi zuwa garejin Guduma, mai gyaran jikin mota. Ya same shi a tsugune yana buga wata ƙofa da ta lotsa.

"Oga, shawara na kawo wadda za ta amfane mu duka," in ji Darakta. "Duk wanda ya kawo maka mota a lotse yana buƙatar darasi, sai ka turo mini shi. Ni kuma duk ɗalibin da ya gama, lambarka zan ba shi. Ba kwastoma muke takara a kai ba: nawa ne kafin ya buga, naka ne bayan ya buga."

Guduma bai ɗago ba. "Ai ka daɗe kana turo mini su, Darakta. Ko ba su faɗa ba ina gane naka. Bambar baya, gefen hagu."

Darakta ya gyara wuyan kwat. "Mu fara da kaɗan. Kati ashirin, mako biyu. Duk wanda ya zo da kati, darasin ribas na farko kyauta ne. Ka sa hannu a bayan kowanne don mu san daga wajenka ya fito. In bai yi ba, kowa ya kama gabansa."

"In suka iya ribas ni kuma in ci me?"

"Motar makaranta ma nan za a riƙa kawo ta."

Guduma ya hango motar ta ƙetaren titi, ya daɗe yana kallonta. "Ajiye su kan gwangwanin fenti."

Cikin mako biyu mutum goma sha huɗu suka zo da kati. Sha ɗaya tsofaffin ɗaliban makarantar ne, wata ma ta taho da takardar shaidarta mai sa hannun Darakta. Takwas suka yi rajistar ƙarin darasi. Ɗalibai suka zama sha ɗaya, malami ya fasa tafiya.

Ranar da wa'adi ya cika, Guduma ya zo da kansa. Ya tsaya a bakin fili yana kallon malamin yana ɗaga wa wata ɗaliba hannu: "Taho, taho, akwai wuri!" Motar ta taho da baya har ta daki durom ɗin da aka kafa a matsayin alama. Gefen hagu.

"Shi zai ci gaba da koya musu?" Guduma ya tambaya.

"Shi ne. Ya fasa tafiya."

"To madalla. Bugo mini kati hamsin."