Barci Baƙo Ne

Jaririn ya tsala kuka har gilashin taga ya amsa, Takwara tana safa da marwa tsakanin injin wanki da kujera ɗaya tilo da ke falon. Ta jijjiga, ta ba shi nono, ya ƙi. Can sai ta ji wani amo yana fita daga maƙogwaronta ba da shawararta ba, da layi ɗaya a bayansa: "Barci baƙo ne, shimfiɗa masa tabarma."

Yaron ya yi tsit yana kallon bakinta. Ta buɗe baki ta ci gaba, babu sauran. Waƙar Kaka ce, wadda ta goye ta, wadda aka sa mata sunanta har kowa yake ce mata Takwara. To, me ke biye da tabarmar?

Ta rera wa manhajar gane waƙa a wayarta, manhajar ta kawo mata wani kiɗan rawa. Ta rubuta layin ta bincika, babu ko mai kama da shi. Sai ta naɗi muryarta ta tura zauren danginsu, can ƙasar da ta baro.

*

Amsoshin suka ƙara ɗaure mata kai. Mama ta rera amon daidai, amma nata cewa yake a ba baƙon ruwa ya sha. Gwaggo ta turo murya tana dariya: "Uwarki ta ɓata waƙa. Cewa ake a kore masa kaza." Kawu, wanda Kaka ke zaune a gidansa, ya rantse akwai zancen jan kunne a ciki.

Takwara ta yi ta sauraronsu tana gwadawa. Amo ɗaya, tsawon layi ɗaya, farko ɗaya, ƙarshe kowa da nasa. Wane ne ya manta, wane ne ya tuna?

Ta kira Kawu. "Kawu, me zai hana a tambayi mai waƙar?"

"Kaka? Ai ta rikice, 'yata. Ni kaina ba ta gane ni. Mun mayar da ita ɗakin baya don ta huta da hayaniyar yara."

"Wa ke hira da ita?"

"Ana kai mata abinci a kan lokaci," in ji shi.

Takwara ta ajiye wayar. Ita ma rabonta da neman muryar tsohuwar tun kafin bikinta.

*

Ranar hutu da hantsi matar Kawu ta shiga ɗakin bayan da waya, aka yi kiran bidiyo. Takwara ta hango buhuna, da tsohon keken ɗinki, da Kaka a bakin gado ta koma kamar yarinya.

"Kaka, ina kwana? Takwararki ce."

Kaka ta kalli bango. Takwara ta rera layin sau biyu, a hankali. Ko gezau.

"Tsaya," in ji matar Kawu. "Ni ban taɓa jin Inna ta yi waƙa hannu sake ba. Sai da yaro a cinya."

Ta naɗe zani a jikin matashin kai ta ɗora mata. Hannun Kaka ya tashi da kansa, ya fara bubbugawa, biyu a hankali, ɗaya da ɗan ƙarfi. Takwara ta saka amon a kan bugun. Leɓen tsohuwar ya motsa.

"Barci baƙo ne, shimfiɗa masa tabarma,
mai ƙishin dare, ba shi ruwa ya sha."

Ta zarce ba tsayawa. Mai tsoron kaza, a kore masa kaza. Mai jan kunne, saki kunne ka karɓi baƙo. Nan Takwara ta gane. Ashe babu wanda ya manta. Kowane yaro da Kaka ta raina, ta ɗinka masa layinsa da halinsa, kowa ya tafi da nasa yana zaton waƙar ke nan. Tsohuwar da ba ta gane fuskarsu tana jero su bi da bi, babba kafin ƙarami.

"Mai tsotson yatsa, takwarata,
ba baƙo hannu ku gaisa."

Takwara ta toshe baki. Ta ɗago jaririnta saitin wayar. "Kaka, ga wani. Shi ƙafa yake harbawa. Me za a ce masa?"

Kaka ta karkata kai, hannun bai tsaya ba, kamar mai auna kalma.

Daga tsakar gida muryar Kawu ta taso: "A ba ni wayata, ana jirana a shago!"

Hoton ya girgiza, ya nuna silin, ya nuna ƙofa tana rufuwa. Kafin kiran ya yanke, Takwara ta jiyo bugun daga ciki, biyu a hankali, ɗaya da ɗan ƙarfi, a bayan matashin kai.