Takalmin da Auta Ta Saya

Ranar da Auta ta karɓi albashinta na farko a asibiti, ta sayo wa babanta takalmi baƙi, sawu ciki. Kafinta ne, bai saba da irinsa ba. Ya saka, ya zaga tsakar gida, ya yi ta shi mata albarka.

Kwana biyu bayan haka injin yankan katakonsa ya ƙone. Bakinsa ya yi nauyi, ya kasa tambayar kowa kuɗin gyara. Ya tuna rasit yana cikin kwalin takalmin, sai ya saka kwalin a leda ya nufi kantin da aka sayo shi.

"Ya matse ni ne," ya ce wa mai kantin, idonsa na kan tebur.

Mai kantin ya duba ƙasan takalmin, ya duba rasit, ya danna na'ura. "Shi ke nan, Baba, na mayar."

Kafinta ya miƙa hannu.

"Ai da kati aka saya. Kuɗin cikin katin da ya biya yake komawa, ba ma bayarwa a hannu."

"Katin 'yata ne fa."

"To ita za ta gani. Ba yau ba dai. Daga nan mun sake shi, saura bankinta ya saka mata. Yakan ɗauki kwana uku zuwa goma na aiki, ban da ƙarshen mako. Riƙe wannan takardar, in ya wuce haka ta nuna wa banki lambar."

"A fasa. Ba ni takalmina."

"Ya riga ya tafi, Baba. Sai dai ka sake saye."

Ya fito babu takalmi, babu kuɗi.

Tun daga ranar, duk ƙarar da wayar Auta ta yi sai ya kasa kunne. Matarsa ta tambaye shi ina takalmin, ya ce yana ajiye. Ta ce, "Sai ka ce zinariya." Kowa ya yi dariya ban da shi.

A mako na biyu Auta ta zo shagonsa da rana, da kayan aiki a jikinta. Yana goge ƙafar kujera da hannu. Ta kalli injin da aka rufe da buhu, ta kalli silifas ɗin da ke ƙafarsa.

"Baba, kantin takalmi sun turo min kuɗi. Na ɗauka kuskure ne, har na kira su."

Ya ci gaba da guga. Can ya ce, "Bai matse ni ba, Auta. Daidai ƙafata ne."

"Na sani. Ni na auna da tsohon naka."

Ta ture garin katako daga kan benci ta zauna. "Me ya samu injin?"

"Ya ƙone."

"Yaushe?"

Ya gaya mata, murya ƙasa-ƙasa. Ta ciro waya ta tambaye shi lambar mai gyara. Ya karanto mata da ka, har yanzu bai ɗago kai ba.