Sakan Casa'in Na Ajiyar Wata

A shagon haɗa bidiyo Miskili ake kiransa, don sai ya wuni bai yi magana goma ba. Sakandare ya gama, ya tsaya nan. Aikinsa buga rubutun da ke fita a ƙasan hoto, kuma wata biyu ke nan babu abin bugawa. Maigidan shagon ya riga ya faɗa masa, ba tare da ya kalle shi ba, cewa idan wannan aikin na ƙungiyar adashi bai karɓu ba, kujera ɗaya za ta ragu a shagon. Miskili ya san kujerar wa ake nufi.

Aikin kuwa gajeren bidiyo ne na koyar da ajiyar kuɗi kowane wata, sakan casa'in, da Faransanci, domin mambobin ƙungiyar harsunansu daban-daban ne, a Faransanci suke haɗuwa. In ya yi kyau, akwai wasu goma sha ɗaya a bayansa. Akantan ƙungiyar ya aiko da bayanin, shafi biyu cif.

Miskili ya raba takarda gida biyu kamar yadda ake yi: hagu abin da ido zai gani, dama abin da murya za ta faɗa. Ya kunna agogon waya ya karanta a bayyane. Minti uku da ɗoriya. Sakan casa'in ba ya ɗaukar fiye da kalma ɗari biyu da 'yan kai, in ana so mai karatu ya yi numfashi. Ya yi ta yanka har rubutun ya shiga lokaci. Ƙashin bayansa dai na nan yadda akanta ya sa: ranar da albashi ya shigo, cire kashi ɗaya cikin goma kafin ka taɓa sauran. A gefen hagu ya rubuta mutum da taye, a gaban tebur, waya na ƙara alamar kuɗi sun shigo.

Da rana ya bi ta shagon yayarsa, tela ce, ita ma mamba ce a ƙungiyar. Ya zauna kan buhun ƙyallaye ya karanta mata, ita kuwa ƙafarta ba ta bar keken ɗinki ba. Da ya gama ta ciji zare ta tofar.

"Ya yi daɗi, ƙanena. Amma wa ke biyana albashin? Kai?"

Ya ninke takardar. Ta ce ita wata ba ya mata ƙarshe, kuɗinta shigowa suke kamar ɗigon famfo, kafin su taru an sayi zare, an sayi zif, yara sun miƙo hannu. Ta ce ya kai wa mai tayen nasa, shi ya ji da shi.

Haushi ya hana shi tashi. Yana zaune wata mata ta zo karɓar wandon da aka yi wa faci, ta biya. Yayar ta jefa kuɗin a gwangwanin da ke kan keke, wanda kowane hannu ke shiga. Sai ya lura da ƙaramin aljihun keken, an rataya masa kwaɗo. Ya tambaya. Ta ce wannan ba na taɓawa ba ne: ɗari biyar daga cinikin farko na kowace safiya nan take shiga, mukullin kuma yana wajen maƙwabciya mai sayar da maɓallai, ba ta ba da shi sai ranar kai ajiya, ko da za ka yi mata kuka. Ta faɗa kamar ba komai ba, ta ci gaba da taka keke.

A kan buhun ya juya takardar ya sake rubutu. Hagu: hannu na jefa kuɗi a aljihun keke, kwaɗo ya rufe. Dama: jimla ɗaya, gajera, mai cewa ba sai kana da albashi ba. Ya cire duk wata kalmar banki da yayarsa ta ɗaga gira a kanta. Sai kalanda, ana soke ranaku ɗaya bayan ɗaya, lissafin na fita a rubuce: ɗari biyar sau kwanakin aiki ashirin da shida, dubu goma sha uku. Sai ƙarshen wata, mace a gaban kantar ofishin ƙungiya tana karɓar rasit. Ya karanta da agogo. Sakan tamanin da huɗu. Sauran shidan ya bar wa hoto ya yi shiru.

Maigida ya ga rubutu biyu, ya dafe kai. Ya ce mutane sun ba ka abinsu, kai kuma ka kawo musu naka. Miskili ya ce a naɗi duka biyun a waya, muryar gwaji kawai, a je da su. Maigida ya ce in aka kore su Miskili ne zai ɗauko jakar kyamara har shago, a ƙasa.

Ofishin ƙungiyar ɗaki biyu ne. A na ciki manaja ke zama, dattijuwa mai tabarau a kan hanci, a na waje mata na layi da littattafan ajiyarsu. Aka kunna na farko, akanta yana gyaɗa kai. Aka kunna na biyu, ya daina. Ya ce an mayar da darasin wata na kullum, an zubar da kashi goma, kuma wannan Faransancin na 'yan firamare ne. Ya tambayi wace makaranta yaron ya yi.

"Ranki ya daɗe," Miskili ya ce wa manaja, "masu kallon suna bayan ƙofar nan. A kira su. Kada a tambaye su ko ya yi kyau. A tambaye su me za su yi gobe."

Maigida ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Manaja ta dubi Miskili ta saman tabarau, ta daɗe, sannan ta tashi da kanta ta shigo da mata huɗu.

Bayan an kunna musu na farko suka kalli juna. Ɗaya ta ce yana da kyau, za ta tura wa ɗanta da ke aikin ofis. Aka kunna na biyu. Kafin ya ƙare wata mai sayar da kifi ta fara lissafi da yatsu. Manaja ta yi tambayar.

"Gobe? Cinikin farko a gwangwani, mukulli wajen ƙanwata. Amma ni ɗari biyu zan fara, kifi ba tela ba ne."

Sauran suka kwashe da dariya, suka shiga gardamar wa za a iya ba mukulli bai gudu da shi ba. Wata ta ce mijinta dai a'a. Sai da manaja ta buga tebur suka fita, suna ci gaba da musun a kan layi.

Akanta ya jawo takardar, ya bi lissafin da biro, bai sami kuskure ba. Ya ce aƙalla a ƙara cewa mai albashi ya cire nasa ranar biya. Miskili ya ce akwai sakan shida, jimla ɗaya za ta shiga, ya rubuta ta a take ya miƙa masa. Akanta ya karanta, ya ajiye biron.

Manaja ta sa hannu a kan goma sha biyun. Ta ce wa maigida sharaɗinta ɗaya ne, wanda ya rubuta wannan shi zai rubuta sauran.

A bakin titi maigida ya saɓa jakar kyamara a kafaɗarsa, bai miƙa wa kowa ba. Ya ce yanzu sai neman wurin ɗauka da mai hannun da za ta jefa kuɗin. Miskili ya ce yana da keke, da kwaɗo, da hannu. Ya kira yayarsa. Ta ce ta yarda, amma a sani, ita ba ta aikin kyauta, kuma a zo da safe, kuɗinsu ya zama cinikin farko.